Jawabin Buɗe Intahaus: Yadda Za Ka Ce Shiga Ta Fi Cin Kofi, Yara Su Yarda

Tambaya: Malam, barka da war haka. Bana aka ba ni riƙon wata makaranta a nan Daura, kuma za mu yi intahaus a zango na biyu. Bara, kafin zuwana, baram-baram aka tashi bayan an faɗi sakamako. Ina so in yi jawabin buɗewa da zai nuna wa yara cewa shiga wasan ta fi cin kofi. Me zan ce, kuma yaya zan tsara shi?

Amsa: Barka kadai, Malam Hedimasta, Allah ya taya ka riƙo.

Kafin ka ɗauki biro, kira gemsmasta ya kawo maka takardu biyu: jerin wasannin da za a yi, da yadda ake ba da maki. A kan waɗannan takardu jawabinka zai tsaya ko ya faɗi. Yara suna jin abin da hedimasta ya faɗa a lasifika da safe, amma abin da suke riƙewa shi ne wanda aka kira gaban rumfa aka miƙa wa kyauta da la'asar. In ka ce musu duk wanda ya shiga ya yi nasara, sannan aka wuni ana yi wa yara ƙalilan tafi, sauran suna zaune a rana suna kallo, to sun gane cewa maganar taka gaisuwa ce kawai. Badi in ka maimaita ta, ko kunne ba za su ba ka ba.

Bari mu yi lissafi da misali. Ka ɗauka kana da yara 600, an raba su gida huɗu, Ja da Kore da Shuɗi da Ɗorawa, kowane gida 150. Ka ɗauka wasanni 12 ne a jerin, kowane gida yana fito da mutum biyu. Gurbi 96 ke nan. To amma ka san halin hausmasta: yaron da ya fi kowa gudu shi zai sa a mita 100, ya sake sa shi a mita 200, ya kai shi dogon tsalle, ya kuma ba shi ƙarshen tseren miƙa sanda. Da haka gurbi 96 ɗin nan sai su ƙare a hannun yara kamar 40. Sauran 560 'yan kallo ne. Ga shi kuma tsohon tsarin maki, biyar ga na ɗaya, uku ga na biyu, ɗaya ga na uku, yana cewa a cikin yara takwas da suka yi tsere, biyar sun yi gudun banza. A irin wannan fili ne ake so hedimasta ya tashi ya ce shiga ta fi ci. Wa zai yarda?

Gyaran bai da tsada, doka uku ce. Ta farko, ba yaron da zai shiga wasa fiye da biyu, ban da miƙa sanda. Ta biyu, duk wanda ya kai layin ƙarshe ya samo wa gidansu maki ɗaya, ko shi ne na takwas. Na ɗaya da na biyu da na uku kuma su sami biyar da huɗu da uku. Ta uku ita ce mai nauyin: a sa wasa guda na zagaya fili sau ɗaya, kowane gida ya kawo yara 30 waɗanda ba su shiga komai ba, kowa ya kammala maki ɗaya. Dubi abin da wannan yake yi. A ce Jan Gida ya tara maki 42 a tsere da tsalle, Koren Gida ya tara 36. Aka zo zagayen fili, Ja bai damu ba, yara 19 ya kawo, Kore ya cika 30. Ja ya tashi da 61, Kore da 66. Kofi ya tafi gidan da ya nemo yaransa na baya. In kuwa duka gidajen sun cika 30, makin ya yi kunnen doki, sai gwanintar masu gudu ta raba gardama, kuma haka ake so. Ba a tauye gwani ba, an dai tilasta wa hausmasta ya san sunan yaron nan mai ƙiba da ke zama a bencin baya, ya je ya lallashe shi. Ranar nan yaron zai ji cewa gidansu yana bukatarsa, kuma babu jawabin da zai iya sa masa wannan a zuciya.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan tsari a faɗe shi a asambile mako biyu ko uku kafin ranar, a rubuta a liƙa a allon sanarwa, kowane hausmasta ya sa hannu. In ka bari sai a bakin makirfo aka fara jin sa, gidan da ya sha kashi zai ce don a ƙwace masa kofi aka ƙirƙiro shi, ka koma gidan jiya. Yawancin rigimar intahaus da na gani daga wuri uku take tasowa: makin da aka tara a ɓoye a littafin mutum ɗaya, alƙalin da yake malamin ɗaya daga cikin gidajen, da ƙaton yaron da aka cusa cikin ƙanana ko aka yo hayarsa daga wata makaranta. Saboda haka ka tanadi babban allo a bakin fili a riƙa rubuta maki bayan kowane wasa, ka roƙi malamai biyu ko uku daga makwabciyar makaranta su tsaya a layin ƙarshe, a kuma duba sunan kowane ɗan wasa a rajistar aji tun kwana biyu kafin ranar. In ka yi waɗannan, rabin jawabinka ya rubuta kansa, don abin da za ka yi kawai shi ne tuna wa jama'a abin da ke ƙasa.

Yanzu jawabin kansa. Kada ya wuce minti huɗu. Ka tuna lokacin da za ka karɓi makirfo: yara sun fito tun sassafe, sun yi maci sun gaji, suna tsaye a layi, wasu ko karyawa ba su yi ba don ɗoki. In a watan Janairu ne ga iskar hunturu da ƙura, in an kai Maris ga ranar Daura da ka sani. A fili, da lasifikar da ke amsa-kuwwa, mutum ba ya wuce kalma ɗari ko ɗari da 'yan kai a minti in yana so a ji shi. Kalma 400 ke nan, shafi guda da ɗan ɗori in da hannu ka rubuta. In ka ga rubutunka ya shiga shafi na uku, to ka fara ba da rahoton shekara: ajin da rufinsa ya yaye, kujerun da babu, sakamakon jarrabawa. Waɗannan suna da ranarsu. In kana da koke ga sakataren ilimi ko shugaban ƙaramar hukuma, rubuta a takarda ka miƙa masa a rumfa. Kuma in da hali, ka sa a zaunar da yara ƙasa kafin ka fara magana. Umarni ɗaya ne, amma yana rage masu faɗuwa da jiri.

Gaisuwar manya ita ke cinye lokaci, kuma a ƙasarmu ba a tsallake ta. Dabarar ita ce ka bar wa mai gabatarwa ya jero kowa da sarautarsa da muƙaminsa tun kafin ka tashi. Kai kuma ka ambaci uku ko huɗu na sama, hakimi ko wakilinsa, babban baƙo, sakataren ilimi, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, sannan ka haɗa sauran a gaisuwa ɗaya. Ka tabbatar da sarautar mutum tun jiya, ka kuma leƙa rumfa ka ga shi ne ya zo ko wakili ya turo. Bayan nan ka juya jikinka ka fuskanci yara. Da yawa daga cikinmu rumfa muke yi wa jawabi, mu ba yara ƙeya, alhali taron nasu ne. Ka yi shi da Hausa. In makarantar tana son a ji Turanci, yi gaisuwa da shi, amma saƙon ya fita da harshen da ɗan aji ɗaya da kakarsa da ke tsaye bayan igiya za su gane.

Akwai magana ɗaya da nake so ka guje wa, don ita ce ke kashe irin wannan jawabi: cewa cin kofi ba komai ba ne. Yaron da ya yi wata guda yana fitowa atisaye bayan sallar asuba ya san ba gaskiya ba ce. Ga kofin nan a kan tebur an goge shi yana ƙyalli, ga hausmasta ya kashe kuɗin aljihunsa ya ɗinka tuta. In ka raina nasara, masu ƙoƙari za su ji ka raina wahalarsu, malalata kuma su sami hujja. Abin da za ka ce shi ne kowa ya nemi nasara da iyakar ƙarfinsa, amma kofi ɗaya ne, gida huɗu ne, don haka uku za su koma ba shi, kuma makaranta tana da abin da take aunawa ban da shi. Sai ka faɗi abin da sunansa: yawan waɗanda suka fito, waɗanda suka kai ƙarshe, da yadda aka karɓi hukunci.

Kusan kowane hedimasta da ya tashi yin wannan jawabi sai ya jawo maganar Pierre de Coubertin, Bafaranshen da ya farfaɗo da wasannin Olamfik, wadda ya yi a Landan a 1908, cewa muhimmin abu a wasannin shi ne shiga, ba cin nasara ba. Maganar tana da asali, shi ma daga huɗubar wani bishop Ba'amurke, Ethelbert Talbot, ya ɗauko ta. Amma ni ban ga abin da za ta yi wa ɗan aji huɗu a Daura ba. Sunan ma sai ya sarƙe maka harshe a makirfo. Muna da abin da ya fi ta kusa, ya kuma fi dacewa da matsayinka. Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar harbin kibiya, sai ya ƙarfafa su, ya ce yana tare da ɓangare ɗaya. Sai ɗaya ɓangaren suka tsaya da harbi. Da ya tambaye su dalili, suka ce yaya za su yi harbi alhali yana tare da waɗancan? Sai ya ce su harba, yana tare da su dukansu. Wannan shi ne wurin tsayuwar shugaban makaranta a ranar intahaus: ba shi da gida. Har kayan da za ka sa ka duba, kada hularka ko rigarka ta zo da launin ɗaya daga cikin gidajen, don yara suna lura. Akwai kuma ruwayar Abu Dawuda ta tseren da ya yi da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta wuce shi a karon farko, bayan wani lokaci suka sake ya wuce ta, ya ce wannan a madadin waccan. Ita wannan tana da amfani biyu: tana nuna yau gare ka gobe ga wani, tana kuma kwantar da hankalin uban da yake ganin gudu ba na 'ya mace ba ne. Ɗauki ɗaya kawai, kuma ka nuna wa malamin addini na makarantarku lafazin kafin ranar.

In babban baƙonka dattijo ne ɗan boko, kana iya jefa masa jimla guda a kan tsohuwar Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, inda Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu ya kuma shahara a ƙwallon bangon nan da ake bugawa da tafin hannu, wadda har yau ake yi a Katsina. Zai ji daɗi. Amma ado ne, in lokaci ya ƙure shi za ka fara zubarwa. Karin magana ma ɗaya ta isa, kuma a zaɓa da lura. Na taɓa jin an ce wa 'yan tseren mita 100 sannu ba ta hana zuwa.

Ga yadda zan tsara shi in ni ne. Sauya abin da bai dace da makarantarku ba:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Mai girma babban baƙonmu, Malam Sakataren Ilimi, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, iyayenmu maza da mata, malamai 'yan uwana, muna yi muku barka da zuwa, mun gode da kuka bar ayyukanku kuka zo.

"Yanzu da ku nake, 'ya'yana. Jan Gida, kuna nan? Kore fa? Shuɗi? Ɗorawa? Madalla.

"Ku dubi teburin nan. Kofi nawa kuka gani? Ɗaya. Gida nawa ne a filin nan? Huɗu. To kun ga tun yanzu mun san gida uku za su koma ba kofi. Ina so kowane gida ya neme shi da iyakar ƙarfinsa. Wanda Allah ya ba gudu, ya yi gudu mu gani, za mu tafa masa har hannu ya yi zafi. Amma ni ba kofin na zo kallo ba. Na zo in ƙirga yara nawa ne suka fito.

"Bana, kamar yadda aka faɗa muku a asambile, duk wanda ya kai layin ƙarshe ya kawo wa gidansu maki, ko shi ne na baya. Kowane gida zai kawo mutum talatin su zagaya filin nan. Kai da kake cewa ba ka iya gudu ba, yau makinka zai iya zama shi ne zai raba gida biyu. Masu rabon ruwa, da masu riƙe igiyar ƙarshe, da masu rubuta maki a allo, ku ma an ƙirga da ku.

"Ina roƙon abu uku. In wani ya faɗi, kada a yi masa dariya. In ya tashi ya ci gaba, a tafa masa fiye da kowa. In alƙali ya yanke hukunci, ya yanku. Mai ƙorafi ya gaya wa hausmasta, shi zai zo teburin nan. Wanda kuma ya ji jiri, ko ƙirjinsa ya riƙe, ko wani ciwo, ya tsaya nan take ya ɗaga hannu. Tsayawar ba abin kunya ba ce, kuma gidansu ba zai rasa makinsa ba.

"Iyayenmu, yaron da ya zo na ƙarshe yau ɗan wani ne a cikinku. In ya dawo gida, a tambaye shi yaya wasan, kafin a tambaye shi na nawa ya zo. Muna kuma roƙo a tsaya bayan igiya.

"Wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da sahabbai kashi biyu suna gasar harbi, ya ce musu su harba, yana tare da su dukansu. Ni ma yau ba ni da gida. Ja nawa ne, Kore nawa ne, Shuɗi da Ɗorawa nawa ne. Gobe da safe aji ɗaya za ku koma, benci ɗaya za ku zauna.

"Allah ya sa mu fara lafiya mu gama lafiya. Ina roƙon babban baƙonmu ya buɗe mana wannan wasa. Na gode."

Ka lura da kiran gidaje a farko. Yana ɗaukar daƙiƙa ashirin, amma shi ke sayo maka kunnen yara na minti uku masu zuwa. Ka kira su bisa yadda suke tsaye daga dama zuwa hagu, kada wani ya ce an fara da wane don ana son sa, kuma ka bar kowane gida ya gama ihunsa kafin ka kira na gaba. Tambayar kofi nawa ma ka dakata su amsa da bakinsu. Abin da yaro ya faɗa da kansa ya fi zama a kansa. Ka lura kuma ban ambaci abin da ya faru bara ba ko da shaguɓe. Duk wanda ke filin ya sani. In ka taɓo shi, ka tuna wa gida biyu cewa akwai bashi a tsakaninsu, ga baƙi kuma ka tona asirin makarantar. Maganar hukuncin alƙali da hanyar kai ƙorafi ta ɗauke wannan nauyin ba tare da an kira sunan kowa ba.

Jimlar nan ta mai jiri ya tsaya, kada ka cire ta ko da lokaci ya matse, don a nan ne kiran kowa ya shiga yake da haɗari. A cikin yara ɗaruruwa da wuya a rasa mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya, ko wanda zazzaɓi ya sake shi shekaranjiya. Mai sikila in ya wahala a rana ba isasshen ruwa a jikinsa, ciwon yana iya tashi, sanyin hunturu ma yana tayar da shi. Mai asma kuma ƙura ce abokiyar gabarsa. Yanzu ka ce kowa ya kai ƙarshe maki ne, hausmasta yana neman cika talatin, yaro yana jin kunyar abokai. Zai shiga, kuma ba zai tsaya ba sai ya faɗi. Saboda haka tun ana rubuta sunaye a tambayi iyaye, a ware waɗannan yara, a ba su aikin da ke cikin inuwa, kuma a ƙirga aikin a matsayin maki ɗaya daidai da na mai zagaya fili. Wanda ya fara ya tsaya don rashin lafiya a bar masa makinsa. Ka tanadi randa ko jarkokin ruwa a kowane gida, da ma'aikacin lafiya a zaune a wuri sananne, da mota ko babur da aka san shi ne na kai mara lafiya asibiti. Gulukos ɗin da ake zuba wa yara a tafin hannu suna lasa ba ya maye gurbin ruwa. Yaron da shan inna ya taɓa wa ƙafa kuwa, kada a yanke masa hukunci a ofis, a tambaye shi. Sau da yawa za ka tarar yana son jifa ko jan igiya, kuma hannunsa ya fi na sa'o'insa ƙarfi.

In makarantar ta maza da mata ce, duba jerin wasannin da idon uban yarinya. Sau da yawa 'yan mata, musamman waɗanda suka fara girma, maci kawai ake bar musu, sai rabon ruwa da riƙe faranti a rumfa. In haka jerinku yake, rabin makarantar ba ta cikin jawabinka. A ba su nasu tseren da dogon wando da hijabin da ba zai harɗe su ba, malamai mata su tsaya a kansu, a kuma hana samarin gari cika bakin layin. Makinsu ya zama daidai da na maza, a kan allo ɗaya. Wasannin da ba sa bukatar gwaninta, irin su tseren buhu, ƙwai a cokali, cika kwalba da ruwa, jan igiya, da langa ga maza, su ne ƙofar da yawancin yara za su shigo ta ciki, don haka kada a tura su ƙarshen rana lokacin da baƙi suka watse.

Za ka san ko maganar ta shiga tun kafin azahar. Ka sa ido a tsere mai tsawo na farko, mita 400 ko 800. In na ɗaya ya shigo aka ruga aka ɗauke shi a kafaɗa, fili ya cika da mutane alhali saura yara biyu suna tafe, to ba ta shiga ba. Abin yi a nan ba sabon jawabi ba ne. Ka tashi da kanka ka je layin ƙarshe, ka sa a buɗe hanya, ka tsaya kana tafi har na ƙarshe ya iso, ka ba shi hannu. In ka yi sau ɗaya malamai za su ɗauka. Mai gabatarwa ma ka ja masa kunne tun jiya, don shi ne zai riƙe makirfo awa biyar bayan minti huɗunka. Irin barkwancin nan na wane ya zo da buhun tuwo a ciki, ko ga kunkuru nan tafe, yana rushe duk abin da ka gina, kuma yaron da aka yi wa shi a gaban iyayensa ba zai sake fitowa ba. Ka ba shi jerin sunaye ya riƙa kiran kowane ɗan tsere da sunansa kafin a busa usur.

Wajen rabon kyauta, a fara faɗin sakamako daga gida na huɗu zuwa na ɗaya, kowanne a ambaci abin da ya fi kowa a kai, ko maci ne, ko tsabta, ko yawan waɗanda suka fito. Kyautar gidan da ya fi fito da yara ta zama abin da ake gani, babban baƙo ya miƙa ta da hannunsa kamar yadda zai miƙa kofi. In fensir biyu ne a leda, an gane matsayinta. Shugabannin gidaje huɗu su fito su gaisa a gaban rumfa kafin a ɗaga kofi, ba bayan an ɗaga ba, don da zarar ya tashi sama ba mai sauraron kowa. Sannan a sallami gidajen ɗaya bayan ɗaya, kowanne da malamansa, a bar wanda ya ci ya fita a ƙarshe, kofin kuma ya kwana a ofishinka. Zagaya gari da shi a kan babura ana kirari a ƙofar gidajen waɗanda suka sha kashi, daga nan ne jifa take farawa. In suna son murna, a yi ta a asambile washegari, kai kana tsaye.